Archive ko Delete: Inda Saƙon Imel Yake Zuwa Idan Ya Ɓace Daga Waya

Sau da yawa saƙon imel ɗin da ake cewa ya goge yana nan daram, wurin zama kawai ya sauya a idon mai wayar. Kana gangarawa cikin saƙonni, yatsa ya ɗan karkace ya ja ɗaya zuwa gefe, sai ka ga ya zame ya fita daga allo. Wani ɗan rubutu ya bayyana a ƙasa mai cewa 1 archived, da Undo a gefensa, kafin ka gama karantawa ya ɓace. Ka duba Inbox babu, ka duba kwandon shara babu, ka nemi wata jaka mai suna Archive ita ma babu. A nan ne ake yanke hukuncin cewa saƙo ya tafi.

Wannan jagora ta fi karkata ga manhajar Gmail ta Android, domin ita ce ke zuwa a cikin Tecno da Infinix da itel da Samsung da ke hannun mafi yawan mutane a Bauchi. iPhone da Outlook da Yahoo suna da nasu tsarin, za mu zo kansu daga baya.

Yadda Gmail yake ajiye saƙo

Gmail ba ya rarraba saƙonni cikin jakunkuna daban-daban. Kowane saƙo kwafi ɗaya ne tak, yana zaune a wuri guda a kwamfutocin Google, sai a liƙa masa lakabi. Inbox lakabi ne, Sent lakabi ne, Starred ma haka, da duk wani suna da ka ƙirƙira da kanka kamar "Makaranta" ko "Rasit". Kamar buhunan hatsi ne a sito guda: mai sito ya shafa wa wasu jan fenti don ya san su ne zai fitar kasuwa gobe. Idan ya goge fentin wani buhu, buhun bai bar siton ba, ya dai fita daga jerin na gobe.

Abin da Archive ke yi ke nan. Yana cire lakabin Inbox kaɗai, ba ya taɓa komai bayan wannan. Idan saƙon yana da tauraro, yana nan a Starred. Idan ka sa masa lakabin "Makaranta", yana nan a ƙarƙashinsa. Idan ba ka karanta shi ba, zai ci gaba da zama wanda ba a karanta ba, da rubutunsa mai kauri. Takardun da aka maƙala masa suna nan yadda suke, kuma babu ranar da aka yanke masa ta gogewa. Shi ya sa ba za ka ga jakar Archive a Gmail ba: babu inda aka kai saƙon, ballantana a raɗa wa wurin suna.

Delete kuwa yana ɗauke saƙon daga duk inda yake bayyana, ya jefa shi kwandon shara, ya fara ƙirga masa kwana 30. Sunan kwandon ya danganta da harshen da aka saita wayar: wata za ta nuna Trash, wata Bin. Abu ɗaya ne.

Maɓallan biyu kuma maƙwabtan juna ne a saman allo idan ka buɗe saƙo. Na Archive hoton akwati ne da kibiya mai kallon ƙasa, na Delete hoton kwandon shara, sai ambulan da ke mayar da saƙo kamar ba a karanta ba. Wannan kibiya tana yaudarar mutane ƙwarai, domin ta yi kama da alamar sauke abu zuwa waya. Mutum ya buɗe saƙo mai ɗauke da rasit, yana so ya sauke rasit ɗin, ya latsa akwatin da ke sama, saƙon ya ɓace. Maɓallin sauke takarda yana jikin takardar ne a ƙasan saƙo, ba a sama ba.

Inda za ka same shi, da yadda za ka dawo da shi

Wurin da ke nuna sito gaba ɗaya shi ne All mail. Yana nuna komai: wanda ke Inbox, wanda ka aika, da wanda aka yi wa Archive. Abu biyu ne kawai ba sa fitowa a nan, na kwandon shara da na Spam.

1. Buɗe Gmail, ka latsa layuka ukun da ke saman allo ta hagu.
2. Gangara ƙasa, ka wuce Starred da Sent da Drafts, har ka ga All mail. Latsa shi.
3. Nemi saƙon a ranar da ya shigo. Yana zaune ne bisa ranar zuwansa, ba ranar da ka yi masa Archive ba.
4. Buɗe shi, ka latsa ɗigo ukun da ke can saman allo ta dama.
5. Zaɓi Move to Inbox.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, a saman wancan jerin akwai All inboxes, wanda ke fitowa idan wayar tana ɗauke da adireshi fiye da ɗaya. Shi yana haɗa Inbox ne na duka adireshin, don haka saƙon da aka cire wa lakabin Inbox ba zai taɓa bayyana a cikinsa ba. Sunayen sun yi kama, aikinsu daban. Na biyu, idan saƙon ya dawo, ba saman Inbox zai hau ba. Zai koma gurbinsa na asali bisa kwanan wata. Saƙon watan Maris zai koma cikin 'yan uwansa na Maris, sai ka gangara kafin ka gan shi, kada ka ce bai dawo ba.

A cikin All mail za ka iya gane wanda aka yi wa Archive da ido. Duk saƙon da har yanzu yake Inbox yana ɗauke da ɗan tambari mai rubutun Inbox a gefensa. Wanda ya shigo maka amma ba shi da wannan tambari, shi ne aka ajiye. Idan ma ka buɗe shi za ka lura cewa akwatin nan mai kibiya babu shi a sama, tunda babu sauran lakabin da zai cire.

A ce rasit ɗin kuɗin makaranta ne ya ɓace

Gangarawa cikin All mail yana da amfani ne idan saƙon na jiya ne ko shekaranjiya. Wanda ya yi watanni, bincike ne maganinsa. Mu ɗauki misali: wata ɗaliba da ke zaune a Yelwa ta biya kuɗin rajista ta Remita a watan Fabrairu 2025, rasit ya shigo imel ɗinta. Watanni bayan haka aka buƙaci kwafinsa wajen tantance takardu, ta duba Inbox ba ta gani ba.

Kafin ta rubuta komai, ta fara tabbatar da adireshin da take ciki. Ta latsa hoton da ke saman allo ta dama ta ga jerin adireshin da ke wayar. Wannan matakin ba na wasa ba ne. Da yawa wayoyi suna ɗauke da adireshin da mai shago ya buɗe ranar da aka sayi wayar a kasuwar Wunti, ga kuma wanda aka buɗe a kafe lokacin cike JAMB, kuma bincike yana duba adireshin da kake ciki ne. Idan rasit ɗin ya je ɗaya kana nema a ɗayan, ko kwana za ka yi ba za ka gan shi ba.

Sai ta rubuta kalma ɗaya da take da tabbacin tana cikin saƙon, a akwatin Search in mail da ke sama. Idan tana da lambar RRR, wato lambar biyan Remita mai lamba 12, a rubuce, ita ta fi komai, domin saƙo ɗaya ko biyu ne kawai za su ɗauke ta. Idan babu, ta rubuta:

```
remita -in:inbox
```

Ɗan layin da ke gaban in:inbox yana nufin "ban da". Ma'ana, nuna min duk saƙon da ke da kalmar remita wanda ba ya cikin Inbox. Kada a bar tazara tsakanin layin da kalmar, kuma kada a bar ta bayan ɗigo biyun. Tazara ɗaya ta isa ta lalata binciken. A kula da allon rubutun waya ma, yana son saka tazara ko gyara kalma da kansa.

Idan sakamakon ya yi yawa, ta matse shi da kwanan wata da nau'in takarda. Gmail yana karɓar shekara, wata, rana a jere:

```
remita filename:pdf after:2025/02/01 before:2025/03/01
```

A ce saƙon ya fito. Ta buɗe, ta sauke takardar zuwa waya tukuna, sannan ta yi Move to Inbox idan tana so. A gaskiya ba lallai ba ne ta dawo da shi. Ya fi kyau ta sa masa tauraro ta bar shi inda yake, domin Starred gajeren jeri ne, Inbox kuwa nan da mako biyu wasu saƙonni sun binne shi.

A ce kuma bai fito ba. Wannan ba ya nufin babu shi, domin binciken Gmail na yau da kullum ba ya leƙa kwandon shara da Spam. Sai an umarce shi:

```
remita in:anywhere
```

Yanzu amsa uku ce za ta iya fitowa. Idan saƙon ya bayyana da alamar Trash ko Bin, goge shi aka yi, kuma bai cika kwana 30 a can ba. Ta buɗe shi nan take, ɗigo uku, Move to, ta zaɓi Inbox ko Primary. Idan yana Spam, mai yiwuwa bai taɓa shiga Inbox ba tun farko. Ta latsa Report not spam. Amma a lura, Spam ma yana share kansa bayan kwana 30, don haka saƙon Fabrairu da ya faɗa can ba zai kai watan Yuni ba. Idan kuwa babu komai a duka adireshin da ke wayar, to ko dai an goge shi fiye da wata guda da ya wuce, ko adireshin da aka rubuta ranar biyan ba nata ba ne, kamar na mai kafen da ya cike mata, ko an yi kuskuren harafi ɗaya. A nan neman imel ya ƙare, sai a koma wurin da aka biya a sake fitar da rasit da lambar RRR.

Hanyar ɗaya ce ko da takardar kiran bautar ƙasa ake nema, ko gayyatar jarrabawar ɗaukar aiki, ko bayanin asusun banki. Kalmar farko kawai za a canza, ko a yi amfani da from: a biyo shi da sunan mai aikowa.

Abin da Delete yake tafiya da shi

Kwana 30 ɗin ana ƙirga su ne daga ranar da aka goge saƙo, ba ranar da ya shigo ba. Idan suka cika, Gmail zai share shi ba tare da tambaya ko sanarwa ba. A saman kwandon akwai Empty trash now ko Empty bin now. Wanda ya latsa shi ya yafe sauran kwanakin, kuma babu Undo a nan. Don haka kwandon shara ba wurin ajiya ba ne, ko da na ɗan lokaci. Masu adireshin wurin aiki ko na makaranta da ke kan tsarin Google suna da ɗan sauran dama, domin mai kula da tsarin yana iya dawo da saƙo cikin kwana 25 bayan ya bar kwandon. Mai adireshin @gmail.com na kansa kada ya sa rai da wannan.

Tunda saƙo kwafi ɗaya ne, gogewa daga ko'ina gogewa ce daga ko'ina. Kuskuren da ya fi cin mutane ke nan. Mutum ya shiga All mail ya tarar da saƙonnin da ya san suna Inbox, ya ɗauka maimaici ne ke cinye masa wuri, ya bi su ya goge. Ya dawo Inbox ya tarar wayam. Haka wanda ya sa wa saƙo lakabin "Rasit", sannan ya goge shi daga Inbox da tunanin ai akwai kwafi a can. Babu kwafi. Idan ka sa wa saƙo lakabi kana so ya bar Inbox, Archive ne abokin aikin, ba Delete ba.

Gogewar kuma ba a waya kaɗai take tsayawa ba. Wayar taga ce kawai. Abin da ka goge a nan ya gogu a kwamfutar ofis da tsohuwar wayar da ke gida, da zarar sun hau intanet. Akasin haka ma gaskiya ne, kuma nan ne alherin yake: idan waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, duk abin da aka yi wa Archive zai bayyana a sabuwa da zarar ka shiga da adireshi da kalmar sirri.

Sai batun zaren hira. Gmail yana haɗa saƙo da amsoshinsa a layi ɗaya, shi ne kake ganin ɗan lamba kamar 4 ko 7 kusa da sunan mai aikowa. Kwandon da ke saman allo yana goge zaren ne baki ɗaya, har da amsoshin da kai ka rubuta, su ma su ɓace daga Sent. Ɗan kasuwar da ya yi musayar saƙo bakwai da mai kawo masa kaya, ya goge na ƙarshe saboda "na gode" kawai ke ciki, ya tafi da na uku mai ɗauke da farashin da aka daidaita a kai. Mai son goge saƙo ɗaya daga zare ya kashe Conversation view a General settings tukuna, don kowane saƙo ya tsaya shi kaɗai, ko ya yi aikin a kwamfuta inda kowane saƙo ke da Delete this message nasa.

Goge saƙon da ka aika ba ya janye shi daga wurin wanda ya karɓa. Masu sabo da WhatsApp sukan zaci haka, amma imel ba shi da wannan. Da zarar 'yan daƙiƙun Undo na bayan aikawa sun wuce, kwafinsa nasa ne.

Idan wuri ne ya cika

Archive ba ya rage ko ƙwayar wuri. Google yana ba kowane adireshi giga 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke rabon su tare. Saƙon da aka ajiye yana cin wurinsa kamar yadda yake ci a Inbox. Na kwandon shara da na Spam ma ana lissafa su har sai an share su, shi ya sa mutum zai goge saƙo dubu ya ga ma'aunin bai motsa ba.

Idan wurin ya cika, ba za ka iya aikawa ba, kuma saƙon da aka turo maka zai koma wa mai shi. Wannan ma wata hanya ce da saƙo ke "ɓata": bai taɓa isowa ba, don haka babu shi a All mail.

Sai dai kafin a hau goge saƙonni, a duba wane ne ɓarawon wurin. Buɗe one.google.com/storage ka ga rabon kowanne. Sau da yawa hotuna da bidiyon biki ne da Photos ke kwashewa daga waya, musamman tun 1 ga Yuni 2021 da aka fara lissafa su cikin gigan nan 15. Yi lissafin da kanka: a ce kowane saƙon rubutu yana cin kilobait 50, guda 1,000 sun zama mega 50 ke nan, abin da gajeren bidiyo ɗaya zai iya cinyewa. Bin saƙonnin sanarwar banki ɗaya bayan ɗaya ɓata yini ne. Idan lallai Gmail ne ya yi nauyi, nemi manyan:

```
larger:10M
```

```
has:attachment larger:5M older_than:1y
```

Na farko zai fito da duk saƙon da ya haura mega 10, na biyu masu takarda da suka haura mega 5 kuma suka wuce shekara. Duba su ɗaya-ɗaya, sauke abin da kake buƙata, goge sauran, sannan ka leƙa kwandon ka tabbatar babu na kirki a ciki kafin ka share shi. Ma'aunin kan ɗan jinkirta kafin ya nuna sabon lissafi.

A ganinmu ma'aunin zaɓi mai sauƙi ne. Duk abin da ya shafi kuɗi, makaranta, aiki, fili, asibiti ko yarjejeniya, Archive. Talla, lambar sirri ta shiga da ta riga ta mutu, sanarwar cewa wani ya so hotonka, Delete. Wanda ka tsaya kana shakka a kansa, ajiye shi, tunda kuskuren Archive ana gyara shi ko bayan shekara biyar.

Saita wayar don kada yatsa ya sake yin ɓarna

Yadda Gmail yake zuwa, jan saƙo dama ko hagu duka Archive ne. Ana canza wannan:

1. Layuka uku, gangara can ƙasa, Settings.
2. General settings.
3. Swipe actions, a wasu wayoyin Mail swipe actions.
4. Latsa Change a kan Right swipe, sannan a kan Left swipe, ka zaɓi abin da kake so: Archive, Delete, Mark as read/unread, Move to, Snooze ko None.

Ga wayar dattijo, ko wadda yara ke ɗauka, ko mai tsagaggen gilashi da ke taɓa kansa, sa None a duka biyun. Ga mai yawan saƙo, Archive a gefe ɗaya da Mark as read/unread a ɗayan ya wadatar. Ba mu ba da shawarar ɗora Delete a kan ja ba. Saƙon da ya zame ba ka lura ba, sai bayan wata biyu za ka neme shi, lokacin kwandon ya daɗe da share shi.

A wannan shafin dai, ka gangara ƙasa ka kunna Confirm before deleting, domin wayar ta riƙa tambaya kafin ta goge. Akwai Confirm before archiving ma, amma yana gajiyarwa ga mai ajiye saƙo da yawa a rana. Sannan ka duba Default notification action. Shi ke tsara maɓallin da ke fitowa a ƙarƙashin sanarwar sabon saƙo, kusa da Reply. Ana iya latsa shi bisa kuskure yayin share sanarwa, sai saƙon ya bar Inbox tun kafin a taɓa buɗe shi. Bar shi a kan Archive.

Saƙon da ke dawowa, da wanda ke ɓuya da kansa

Idan aka amsa saƙon da ka yi wa Archive, zaren gaba ɗaya zai sake bayyana a Inbox. Ba matsala ba ce, haka aka tsara shi, kuma shi ne dalilin da ya sa za ka iya ajiye zance ba tare da tsoron amsa za ta wuce ka ba. Wanda ya gaji da zaren ƙungiya da kowa ke amsa wa kowa, Mute ne nasa, yana cikin ɗigo uku. Shi yana ajiye zaren kuma ya hana amsoshin da ke biyo baya dawo da shi, sai fa idan an aiko maka kai kaɗai. Haɗarinsa shi ne a latsa shi ba a sani ba. Idan abokan aiki suna cewa sun turo amsa kai ba ka gani ba, bincika:

```
is:muted
```

Idan kuma saƙonnin wani mai aikowa kullum a All mail kake tsintar su, ba sa taɓa sauka Inbox, akwai matata, wato filter, da aka kafa mai umarnin Skip the Inbox (Archive it). Ba a ganin matata a manhajar waya. Sai an buɗe Gmail a kwamfuta, Settings, See all settings, Filters and Blocked Addresses. Idan ka tarar da wadda ba kai ka kafa ba, musamman a kan saƙonnin banki, ɗauki abin da muhimmanci: masu kutse kan yi haka don ɓoye sanarwa. Goge matatar, duba Forwarding and POP/IMAP ko ana tura saƙonninka wani adireshi, sannan ka canza kalmar sirri. Kafin a kai ga wannan zato dai, a leƙa Promotions da Updates da Social, domin su ma sassan Inbox ne, saƙo na iya zama a can lafiya lau.

Abu na ƙarshe a nan ya shafi sabis. Manhajar ba ta riƙe duk saƙonninka a cikin waya. A Settings, ƙarƙashin adireshinka, akwai Days of mail to sync, wanda yake zuwa a kan kwana 30. Tsohon saƙo sai da data ake ganinsa. Wanda zai je tantancewa, ko zai yi tafiya inda sabis ke yankewa kamar cikin dajin Yankari, ya sauke takardarsa zuwa waya tun yana gida. Bincike babu data yakan dawo da "babu komai", alhali saƙon yana nan.

Idan ba manhajar Gmail ba ce

A Mail na iPhone, idan adireshin na Gmail ne, Archive yana kai saƙo All Mail kamar yadda aka bayyana. Za ka same shi a shafin Mailboxes ƙarƙashin sunan adireshin. Abin da ke rikita mutane shi ne maɓalli ɗaya ne ke yin aikin biyu, gwargwadon saiti. Shiga Settings, Mail, Accounts, ko a iOS 18 zuwa sama Settings, Apps, Mail, Mail Accounts. Zaɓi adireshin, ka shiga har Advanced, ka duba Move Discarded Messages Into. Idan alamar tana kan Archive Mailbox, ajiya yake yi. Idan tana kan Deleted Mailbox, gogewa. Kowane adireshi da saitinsa, don haka jan yatsa iri ɗaya zai iya ajiye saƙo a adireshin farko ya goge shi a na biyu. Danne maɓallin na ɗan lokaci cikin buɗaɗɗen saƙo yana fito da zaɓin biyu.

Outlook da Yahoo kuwa jakunkuna na gaske suke amfani da su. Akwai jaka mai suna Archive a jerin gefe, saƙon yana tashi daga Inbox ya koma can, a can za ka same shi ka mayar da Move. Wa'adin kwandon ne ya bambanta. Deleted Items na adireshin Outlook.com da Hotmail yana riƙe saƙo kwana 30, amma Trash na Yahoo kwana 7 ne kacal. Mai tsohon adireshin Yahoo da ya goge saƙo ranar Litinin, ya neme shi kafin wata Litinin ta zagayo.